Kamashona na Yuni bai cika ba, ko ni ne ban iya lissafin ba?

Ɗan_Agege
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya san lissafi ya duba mini wani abu kafin in je ofis in yi magana, don kada in je in ji kunya. Wata huɗu ke nan ina aiki da wani kamfanin rarraba sabulu da garin wanki da man shafawa, ni nake kai wa 'yan shago daga Agege zuwa Ketu da Mile 12. Takardar aikina ta ce sai na cika taget na naira miliyan 5 a wata kafin a ba ni kamasho. A ƙasa akwai jadawali: daga farko zuwa miliyan 5 kashi 2 cikin 100, daga miliyan 5 zuwa miliyan 8 kashi 3, abin da ya haura miliyan 8 kashi 5. A watan Yuni Allah ya buɗa, na haɗa rasit ɗina gaba ɗaya na samu ₦9,675,000. Tunda na wuce miliyan 8, na buga kashi 5 na samu ₦483,750, har na yi wa mai gidan haya alkawari. Jiya takardar albashi ta fito, kamasho ₦205,000. Ko rabi bai kai ba. Wallahi daren jiya ban runtsa ba.

Sarkin_Mile12
Wa'alaikumus salam. An cinye ka ne kawai, ba wani lissafi. Gobe da sassafe ka isa wurinsu da rasit ɗinka a hannu.

Hajiya_Kosai_Idi-Araba
Haba Sarki, ka bari a duba mana tukuna. Yaro ya ce yana tsoron jin kunya, kai kuma kana tura shi faɗa. Ɗana, ba haraji suka cire ba? Ƙanena da ke aikin kamfani a Ikeja kullum kukansa ke nan, ana yanke masa tun kafin kuɗi ya shiga hannu.

Ɗan_Agege
A'a Hajiya, harajin albashi yana wani layi daban a ƙasa. Wannan ₦205,000 shi aka rubuta a gaban kamasho tun kafin a cire komai.

MalamAkanta
Ɗan_Agege, kwantar da hankalinka, lambar nan da suka ba ka ba daga sama ta faɗo ba, ana iya bin sawunta. Matsala ta farko tana wurin yadda ka karanta jadawalin. Iri biyu ake yi. Akwai kamfanin da idan ka taka matakin sama sai a biya ka kason matakin a kan cinikin duka, shi ne abin da ka lissafa. Akwai kuma wanda ake yanka cinikin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da nata kason, kamar yadda ake yi wa harajin albashi. Jadawalin da aka rubuta "daga kaza zuwa kaza" yawanci na biyun ne.

Mu gwada na biyun mu gani. Miliyan 5 na farko a kashi 2 ya ba ka ₦100,000. Miliyan 3 da ke tsakanin 5 da 8 a kashi 3 ya ba ka ₦90,000. Ka ga da zarar ka taka miliyan 8 kana da ₦190,000 a aljihu. An ba ka ₦205,000, wato saura ₦15,000 daga matakin sama ya fito. Wane kuɗi ne kashi 5 ɗinsa ₦15,000? Raba 15,000 da 0.05, ka samu ₦300,000. Ke nan akantanku ya ɗauka cinikinka ₦8,300,000 ne, ba ₦9,675,000 ba. Yadda lambar ta fito cif ba ko kwabo a gefe ya sa na tabbata haka suka yi. Yanzu tambayar da ta rage ita ce ina ₦1,375,000 ya shiga.

Sarkin_Mile12
To ai maganata ce Malam. Miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da saba'in da biyar sun ɓace, me ake kiran wannan?

MalamAkanta
Ban ce sun ɓace ba Sarki, na ce mu nemo su. Ɗan_Agege, ɗauko rasit ɗaya ka duba ƙasansa, akwai layin harajin VAT?

Ɗan_Agege
Akwai Malam. Ga wanda ke hannuna: kaya ₦200,000, VAT ₦15,000, jimla ₦215,000. Ni jimlar nake haɗawa, tunda ita mai shago yake biya.

Bakatsine_Alaba
Shi ke nan an gano. VAT kashi 7.5 ne, kuɗin gwamnati ne ba na kamfani ba, ba wanda zai ba ka kamasho a kansa. Ka cire kashi 7.5 daga ₦9,675,000, wato ₦725,625, saura ₦8,949,375. Daga nan za ka fara.

MalamAkanta
Bakatsine ka kama hanya amma ka zame a wajen cirewa, kuma mutane da yawa nan suke zamewa. Kashi 7.5 ɗin a kan kuɗin kaya aka ɗora shi, ba a kan jimla ba. Duba rasit ɗin da ya kawo: ₦15,000 kashi 7.5 ne na ₦200,000. Idan ka cire kashi 7.5 daga ₦215,000 za ka samu ₦198,875, alhali ka ga da idonka kayan ₦200,000 ne. Abin da ake yi shi ne a raba jimlar da 1.075. Raba 9,675,000 da 1.075, ya ba ka ₦9,000,000 daidai. Harajin ₦675,000 ne. Saura mu nemo ₦700,000.

Bakatsine_Alaba
Na gwada a waya, haka ne. Shekara nawa ina yi ta wancan hanyar a shagona, ashe ina rage wa kaina. Allah ya ƙara ilimi Malam.

Mai_Shanu_OkoOba
Ni duk wannan bai shige ni ba. Mu a kara la'ada a kan kai take. An sayar da sa, dillali ya karɓi nasa a take kowa ya kama gabansa, ko sa ɗaya ka sayar a wata ko hamsin. Me ya sa ba za ka ce su yanka maka kaza a kan kowane katan ba? Ba sai an jira ƙarshen wata ana buga na'ura ba.

Ɗan_Agege
Baba ai ba ni nake yanka ba, takarda na tarar na sa hannu. Kuma katan ɗin ba kuɗi ɗaya ba ne, wani ₦9,000 wani ya haura ₦40,000.

UmmuKhairat_Obalende
Ɗan'uwa, ba a dawo maka da kaya ba a watan? Ni na yi shekara uku ina tallar kayan kwalliya ga wani kamfani a wajen Trade Fair, kuma abin da ya fi cin kamashonmu ke nan. Ka kai kaya ka rubuta rasit kana murna, bayan sati biyu mai shago ya ce murfi ya fashe ko kwanan watan ya kusa, a kwaso a mayar sito. Kai rasit ɗin yana nan a jakarka kana ƙirga shi, su kuma a ofis sun riga sun soke. Na taɓa yin wata guda ina ganin na wuce taget da nisa, ashe katan goma sha biyu da aka dawo da su sun jawo ni ƙasa.

Ɗan_Agege
Innalillahi, Anti kin tuna mini. A tsakiyar wata ruwa ya shiga motarmu a hanyar Ikorodu wajen Ojota, garin wanki ya jiƙe ya dunƙule a cikin katan. Wani mai shago a Ketu ya karɓa da yamma bai duba ba, washegari ya kira ya ce a zo a kwashe. Na duba takardar dawowar yanzu, ₦430,000.

MalamAkanta
Raba shi da 1.075 shi ma, don da haraji a cikinsa. Ya zama ₦400,000. Cire daga miliyan 9, saura ₦8,600,000. Yanzu ₦300,000 kaɗai muke nema. Idan ka ɗora masa VAT zai zama ₦322,500. Duba littafinka, akwai wanda ka ba kaya na wannan adadin bai biya ba kafin 30 ga wata?

Ɗan_Agege
Malam ka ba ni tsoro. Akwai wani Alhaji a Mile 12, ₦322,500 cif. Ranar 27 ga Yuni na sauke masa, ya ce in bari motar tumatir ɗinsa ta iso. Sai 3 ga Yuli ya turo kuɗin. Na koma na karanta bayan takardar aikin, akwai ƙaramin rubutu da ban taɓa kula da shi ba. Ya ce cinikin da ake lissafi da shi shi ne kuɗin da ya shiga asusun kamfani a cikin watan, ban da haraji da kayan da aka dawo da su. Ke nan ba su cuce ni ba.

Sarkin_Mile12
Ni har yanzu ban yarda ba. Ruwa ya shiga motar kamfani, laifin yaro ne? Shi ya sayar, direbansu ne bai rufe tamfol ba. Wannan ₦400,000 a matakin kashi 5 yake, ₦20,000 ke nan aka zare masa a kan abin da ba shi ya ɓata ba. Lissafi ya yi daidai ba ya nufin an yi adalci.

UmmuKhairat_Obalende
Nan kam ina bayan Sarki. Da an musanya wa mai shagon da kaya masu kyau a satin, da cinikin bai faɗi ba. Ka tambaye su ko an mayar masa da wasu, don idan an mayar kuma aka rubuta a sunan wani ɗan talla, wannan magana ce daban.

YaroNaComputerVillage
Mu a wurin oga na ba haka ake yi ba, kuma ni na fi son namu. Idan ka haura mataki, kason sama ake ba ka a kan komai tun daga naira ta farko. Da a wurinmu kake, ₦8,300,000 a kashi 5 ai ₦415,000 za ka kwasa. Wannan gunduwa-gunduwar dabara ce ta rage wa ma'aikaci.

MalamAkanta
Akwai masu yin haka, ba ƙarya ka faɗa ba. Amma sa wannan jadawalin a tsarinku ka ga abin da zai faru. Wanda ya sayar da miliyan 8 cif zai samu kashi 3, ₦240,000. Abokinsa da ya fi shi da naira 100 kacal zai samu kashi 5, ₦400,005. Naira 100 ta jawo bambancin ₦160,005. Duk mai kamfanin da ya zauna ya ga wannan, ko dai ya koma gunduwa-gunduwa ko ya matse kason ya zama tazarar kaɗan ce tsakanin mataki da mataki. Ka duba naku da kyau, zan yi mamaki idan tazarar ta kai maki biyu kamar wannan.

YaroNaComputerVillage
Namu kashi 1 ne, sai 1.5. Amma waya kuɗinta da yawa.

Bazazzagi_Mushin
Malam ka ce gunduwa-gunduwa ba ta da wannan tsallen, amma takardar Ɗan_Agege tana da nata ramin a bakin taget, kuma ni na faɗa irinsa. Tsarinmu kusan ɗaya ne da nasu. Wani wata da azumi ya kama, 'yan shago da yawa sun tafi gida Arewa, na tashi da ₦4,950,000. Saura ₦50,000 in cika. Ban samu ko sisi ba. Da na cika da ₦100,000 zan karɓa. Ranar ƙarshen watan na yi ta zagaye daga Mushin har Idi-Oro har bayan isha'i ina roƙon mutane su ɗauki ko katan biyu, kowa ya ce sai bayan salla. Abin da ya fi ƙona mini rai, wani abokin aikina da ya rage masa kusan haka ya zaro kuɗinsa ya sayi kayan da sunan wani shago, ya karɓi kamashonsa, daga baya ya sayar da kayan a hankali. Ni na kasa, zuciyata ba ta kwanta da rubuta sunan wanda bai saya ba.

Hajiya_Kosai_Idi-Araba
Allah ya saka maka Bazazzagi. Da ya saya da sunansa a fili da sauƙi, amma rubuta sunan wani ai ƙarya ce.

Bakatsine_Alaba
Ni ban ga laifin saye ba Hajiya, kaya ya fita, kuɗi ya shiga asusu, kamfani bai yi asara ba. Sunan ne kawai matsala. Wasu kamfanonin ma sun hana ma'aikaci sayen kaya kwata-kwata saboda wannan.

MalamAkanta
Gaskiyarka Bazazzagi, ramin yana nan, kuma akwai abin da nake so Ɗan_Agege ya ɗauka daga labarinka tun kafin ya faɗa. Tunda taget ɗin da kuɗin da aka cire wa haraji ake auna shi, miliyan 5 na rasit ba miliyan 5 ba ne. Sai kuɗin da ka tara ya kai ₦5,375,000 kafin ka taka taget, sai ya kai ₦8,600,000 kafin ka taka matakin kashi 5. Mutum zai iya ganin ₦5,300,000 a littafinsa ya saki jiki a satin ƙarshe, alhali a ofis ₦4,930,000 da 'yan kai yake, a tashi ba shi da komai. Ka rubuta lambobin nan biyu a bangon littafinka.

Abu na biyu, ka yi sa'a taget ɗinku ƙofa ce kawai, da ka shige ta ana biyanka tun daga naira ta farko. Akwai inda miliyan 5 na farko ba a biyan komai a kansa ko ka wuce, ana cewa albashinka ne ya rufe shi. Da haka naku yake da ₦105,000 za ka gani, ba ₦205,000 ba.

Zee_Surulere
Ni nake haɗa wa 'yan tallar shagon yayata kamasho duk wata a Excel. Idan kana da shi a waya, sa cinikin da aka riga aka tace a A2, ka liƙa wannan a B2:

```
=IF(A2<5000000,0,MIN(A2,5000000)*2%+MAX(MIN(A2,8000000)-5000000,0)*3%+MAX(A2-8000000,0)*5%)
```

Na sa 8300000 ya ba ni 205000. Ka lura da alamar da ke bayan A2 na farko. Yadda na rubuta, wanda ya yi miliyan 5 cif ya samu. Idan takardarku ta ce sai an wuce miliyan 5 ba sai an kai ba, alamar za ta koma `<=`, kuma mai miliyan 5 cif ya tashi a tutar babu. Mun taɓa yin rigima da wata yarinya a kan wannan kalmar guda ɗaya, daga ranar yayata ta sa aka rubuta a fili.

Ɗan_Agege
Na gode Anti Zee. Tamu "sai an cika" ta ce, ina ganin mai cif ya shiga.

Mai_Shanu_OkoOba
Mu da ba mu iya wannan na'urar ba fa?

MalamAkanta
Akwai gajeriyar hanya Baba, ko a ka za a iya. Idan ciniki ya wuce miliyan 8, a buga kashi 5 a kan duka sannan a cire ₦210,000. Gwada: kashi 5 na ₦8,300,000 shi ne ₦415,000, cire ₦210,000, saura ₦205,000. Dalili, miliyan 8 na ƙasa da a kashi 5 aka biya su da ₦400,000 ne, amma ₦190,000 ake biya, bambancin ke nan ake cirewa. Idan kuma ciniki yana tsakanin miliyan 5 da 8, a buga kashi 3 a cire ₦50,000.

Ɗan_Agege
Na dawo daga ofis yanzu. Akantar ta buɗe mini takardarta, layi-layi kamar yadda Malam ya faɗa, ₦8,300,000. Maganar kayan da suka jiƙe ta ce ba hurumin ta ba ne, in ga manaja, shi kuma ya tafi Apapa sai Litinin. Kuɗin Alhajin Mile 12 kuma ta ce a Yuli za a sa shi tunda a Yuli ya shigo. Da farko na ji daɗi, amma a cikin danfo na yi ta tunani. Da a Yuni aka sa shi, kashi 5 ne, ₦15,000. A Yuli kuwa kasuwa ta yi sanyi saboda ruwan sama, ba na jin zan kai miliyan 8.

Bakatsine_Alaba
To ka yi asarar ₦6,000 ke nan, kashi 3 zai ba ka ₦9,000 maimakon ₦15,000. Ka nemi su mayar da shi Yuni, ai a Yuni ka yi wahalar.

Bazazzagi_Mushin
Kada ka yi saurin nema. Ya danganta da inda Yuli ta tsaya. A ce ka tashi da ₦4,800,000 naka na Yuli, wannan ₦300,000 shi zai tsallakar da kai zuwa ₦5,100,000, ka karɓi ₦103,000 a watan da ba za ka samu komai ba. Da ni na samu irin wannan ragowar a watan azumin nan da ban kwana da baƙin ciki ba. Ka duba littafinka tukuna ka ga ina kake.

UmmuKhairat_Obalende
Amma in ja kunnenka ƙanena, tunda yanzu ka gane ranar shigar kuɗi ce ke yanke hukunci. Kada wata rana shaiɗan ya raya maka ka riƙe kuɗin kwastoma a hannunka kwana biyu don ya faɗa watan da ya fi maka. Na ga wanda aka sallama a kan haka, mai shago ya nuna ranar da ya biya, asusu ya nuna wata ranar daban. Kuɗin amana ne.

Sarkin_Mile12
Duk na ji. Ni dai ₦20,000 na kayan ruwan nan nake jira in ji. Idan manajan ya ce a'a, ka tambaye shi ko direban ma an cire masa.

Ɗan_Agege
In sha Allah zan tambaya Litinin. Bazazzagi, na duba, yau 19 ga wata kuɗin da ya shiga ₦3,440,000 ne da VAT, har da na Alhajin. Na raba da 1.075 na samu ₦3,200,000, saura ₦1,800,000 in cika, wato sai na tara ₦1,935,000 a hannu cikin kwana 12. Akwai masu shago uku a Ketu da suka saba cewa sai farkon wata, gobe da su zan fara. Malam, idan manajan ya yarda ya maido da ₦400,000 ɗin, a Yuni ya kamata in ce a sa shi ko a Yuli?